Yadda Ake Cire Baƙon Mutum Daga Bayan Hoton Kasuwa Ba Tare da Barin Jirwaye ko Maimaici Ba

Tambayar da masu gyaran hoto suke yawan yi ita ce: an ɗauki hoto mai kyau a cikin kasuwa, wani ya gifta ta baya, an goge shi, amma wurin ya zama dabbare, ko kuma kwando ɗaya ya fito sau uku a jere. Dalilin kusan kullum ɗaya ne, an ɗauki mutumin a matsayin rami guda da za a cike da bugu ɗaya. A hoton kasuwa, mutum ɗaya yana iya tare abu huɗu ko biyar daban-daban, kuma kowanne da irin gyaran da yake so. Aikin ba gogewa ba ne, sake gina abin da ke bayansa ne, yanki bayan yanki.

Ga misalin da za mu bi har ƙarshe. Mai kayan miya ne a Kasuwar Muda Lawal a Bauchi, yana son hoton da zai buga a kan banar talla. Hoton waya ne mai faɗin fiksel 4000 da tsayin 3000. A bayan kafaɗarsa ta hagu wani mutum mai farar riga ya gifta. Kan mutumin ya tare bakin kwanon rumfa da sandar da ke riƙe da ita, jikinsa ya tare buhunan albasa, ƙafafunsa sun tare gindin kwandon tumatir da ƙasa, inuwarsa kuma ta kwanta ta dama.

Sunayen da za a gani a nan na Photoshop ne, wanda ake biyan kuɗinsa wata-wata. Wanda ba shi da shi ya buɗe Photopea a burauza, kyauta ce, data kawai za ta ci, kuma yawancin kayan aikin da maɓallan iri ɗaya ne. GIMP ma kyauta ce, sai dai a can da `Ctrl` ake ɗiban wuri, ba `Alt` ba. Ka samu mawus. Da allon taɓawa na laftof hannu ba ya bin layi yadda ake so.

1. Karɓi asalin hoton, ka tambayi ko akwai ɗan'uwansa

Kada ka yi aiki da hoton da aka turo ta WhatsApp a matsayin hoto. Manhajar tana matse shi, tana rage girmansa, gefen abubuwa ya farfashe ya zama ƙananan murabba'ai, kuma duk inda ka kwafa za ka kwafo wannan lalacewar. Ka ce a turo shi a matsayin `Document`, ko a ɗauko shi da kebul.

Sannan ka tambayi mai hoton ko an ɗauki wani a wurin, daƙiƙa kaɗan kafin wannan ko bayansa. Mutane sukan danna sau biyu ko uku. Idan akwai wanda baƙon bai iso ba ko ya riga ya wuce, aikinka ya ragu ƙwarai, domin ainihin buhunan da ainihin sandar suna nan. Ka shiga `File > Scripts > Load Files into Stack`, ka zaɓi hotunan biyu, ka sa alama a `Attempt to Automatically Align Source Images`. Ka ɗora hoton da ake so a sama, ka sa masa `Layer Mask`, ka shafa baƙin launi a kan baƙon da burushi, sai na ƙasa ya bayyana. Babu gyaran hannu da zai kai wannan kyau. Sauran matakan na wanda hoto ɗaya tak ya samu ne.

Gargaɗi: idan hoton na labarai ne ko na shaida a wata shari'a, ba a cire kowa daga ciki. Wannan aiki na hoton talla ne da na ajiye tarihi a gida.

2. Karanta hoton kafin ka taɓa komai

Ka danna `Ctrl+1` don ganin hoton a ainihin girmansa, ka zagaya jikin baƙon a hankali. Abin da kake nema shi ne duk wani layi da ya shiga jikinsa ta gefe ɗaya ya fito ta ɗaya gefen. A misalinmu akwai bakin kwano, sandar rumfa, saman jerin buhuna, da inda kwando ya zauna a ƙasa. Waɗannan su ne ƙashin aikin. Ido yana yafe ɗan bambancin launi, amma ba ya yafe sandar da ta karye a tsakiya.

Ka nemi kuma abin da baƙon ya bari a wajen jikinsa: inuwa, ledar da ke hannunsa, bakin takalmi da ke leƙowa ta ƙarƙashin tebur. Inuwa ce aka fi mantawa. Da tsakar rana tana taruwa a ƙarƙashin ƙafa, da safe ko la'asar tana iya miƙewa ta hau kan kayan wani.

Idan baƙon ya tare rabin jikin wani mutum, ka yanke shawara tun yanzu: ko ka cire su duka biyun, ko ka rufe wurin da abu kamar buhu ko lema. Kada ka yi ƙoƙarin ƙera rabin fuska ko rabin hannu. Ba ya fitowa daidai.

3. Killace mai hoton a leyarsa

Inda farar rigar ta haɗu da kafaɗar mai kayan miya, nan ne aka fi samun jirwaye. Maganinsa shi ne a ɗauke mai hoton a ajiye shi a sama, a yi aiki a ƙarƙashinsa.

Ka kewaye shi da `Object Selection Tool`, ko da `Pen Tool` idan kana son gefe mai tsafta. Ba dole ne dukan jiki ya fita daidai ba, gefen da ya taɓa baƙon shi ne abin kula. Ka shiga `Select > Modify > Contract` ka sa fiksel 1, domin siririn farin zaren da rigar baƙon ta bari a gefen kafaɗa ya fita daga zaɓin. Ka ƙara `Feather` na 0.5, sannan `Ctrl+J`. Yanzu mai hoton yana kan leyarsa.

Ka koma kan `Background`, ka danna `Ctrl+Shift+N` don buɗe leya marar komai. A kanta za a yi dukan gyara. Jerin ya zama uku: asalin hoto a ƙasa, leyar gyara a tsakiya, mai hoton a sama. Amfanin wannan jeri shi ne za ka iya shafa buhu ya shige har ƙarƙashin kafaɗa ba tare da tsoro ba, leyar sama za ta rufe abin da ya wuce iyaka.

4. Haɗa layukan da suka yanke

Ka ɗauki `Clone Stamp Tool` da maɓallin `S`. A sama ka saita kamar haka:

```
Opacity: 100%
Flow: 100%
Hardness: 60%
Sample: Current & Below
Aligned: ✓
```

Da yawa sukan rage `Opacity` zuwa 30 ko 40 da tunanin gyaran zai fi laushi. Wannan shi ne babban tushen dabbare. Idan ka shafa saƙar buhu a kan wata saƙar buhu da rabin ƙarfi, zaren biyun suna cakuɗewa, babu wanda ya fito, sai wurin ya koma kamar an shafa yatsa mai maiƙo. Haka burushi mai laushin baki sosai yake yi a gefensa. Ka bar ƙarfin a 100, taurin baki tsakanin 50 da 70 a inda hoton yake da kaifi. Idan bayan hoton dama can dishi-dishi ne, kamar wanda aka ɗauka da `Portrait`, to ka sauke taurin zuwa 20 ko 30 ya dace da shi.

Fara da sandar rumfa. Ka riƙe `Alt` ka danna daidai a gefen sandar, a saman kan baƙon inda take a fili. Ka saki, ka kawo burushin inda sandar ta ɓace. Cikin da'irar burushin za ka ga hoton abin da ka ɗiba, sai ka daidaita gefen sandar da ke cikin da'irar da wanda ke kan hoto kafin ka danna. Girman burushi ya ɗan fi kaurin sandar kaɗan, ana ƙara shi ko rage shi da `[` da `]`. Ka gangaro da gajerun shafa. Idan sandar ta sake fitowa ta ƙasa, ka gina rabi daga sama, rabi daga ƙasa, su haɗu a tsakiya. Sandunan rumfa ba kasafai suke miƙe sak ba, ginawa daga ɓangare biyu ne ke hana a ga gwiwa a wurin haɗuwa.

Haka za ka yi wa bakin kwano da saman jerin buhuna. Bayan wannan mataki baƙon yana nan, amma layuka sun ratsa shi, sun raba shi gida huɗu: sama da kwano, tsakanin kwano da buhuna, buhunan kansu, da ƙasa.

5. Cike wuraren da ba su da zane

Ƙasa, inuwar cikin rumfa, da bangon da ba rubutu, waɗannan `Content-Aware Fill` yana iya musu. Ka zaɓi `Background`, ka kewaye gida ɗaya kawai da `Lasso Tool`, misali ƙafafu da inuwa, ka faɗaɗa zaɓin da `Select > Modify > Expand`, fiksel 8 zuwa 12 a hoto mai wannan girma. Idan zaɓin ya matse jikin mutum, gefen rigarsa zai rage a waje, manhajar ta ɗauka wani ɓangare ne na wurin, ta jawo farin zuwa ciki.

Ka shiga `Edit > Content-Aware Fill`. Koren da ya rufe hoton yana nuna inda manhajar za ta ɗebo abin cikewa. A nan ake yin kuskure, a bar koren a ko'ina, sai ka ga guntun hular wani ko rabin tumatir ya faɗo a tsakiyar ƙasa. Ka goge koren daga kan mai hoton, daga kan mutane, daga kan kaya, ka bar shi a kan ƙasa kaɗai, ita ma wadda ke da haske irin na wurin. A `Output To` ka zaɓi `New Layer`, sannan ka tabbata sabuwar leyar tana ƙarƙashin ta mai hoton.

Gargaɗi: kada ka ba `Content-Aware Fill` buhuna, kwanduna ko tarin tumatir. Yana tsinto ƙananan guntaye ne yana jerawa, bai san cewa kwando yana da baki da gindi ba.

6. Gina kayan kasuwa da hannu

Nan ne ainihin aikin, kuma nan ne za ka ɓata mafi yawan lokacinka.

Maimaici yana fitowa ta hanya biyu. Ta farko, ɗiba kusa da inda ake shafawa. Idan tazarar wurin ɗiba da wurin shafa fiksel 80 ce, kuma ka yi doguwar shafa, duk tabon da ke wurin zai sake fitowa a nesan fiksel 80, kuma da ka ɗaga hannu ka sake shafawa, burushin zai ɗebo abin da ka riga ka shafa, tabon ya fito na uku. Ta biyu, a cire alamar `Aligned` a yi ta dannawa daga wurin ɗiba ɗaya, kowane danni ya buga abu ɗaya kamar hatimi. Maganin duka biyun: ɗebo daga nesa, ka canza wurin ɗiba bayan shafa biyu ko uku, kuma ka ɗebo daga wurare aƙalla uku.

Amma nesa ba kowace nesa ba. Ka ɗebo daga dama ko hagu, daga abin da nisansa da kyamara ya yi daidai da na wurin da kake cikewa. Albasar da ke gaban hoto ta fi ta baya girma da kaifi. Idan ka kai ta baya, ko wanda bai san gyaran hoto ba zai ji wani abu bai zauna ba. Haske ma haka. Kayan da ke ƙarƙashin jar lema sun sha ja, waɗanda ke rana sun yi fari, na cikin rumfar kwano sun yi duhu. Buhun da ke rana ba zai zauna a inuwa ba.

Ga buhunan misalinmu, ya fi kyau a ɗauko buhu sukutum maimakon shafe-shafe. A ce akwai wani buhu a can dama, a layi ɗaya. Ka kewaye shi da `Lasso Tool` tare da ɗan abin da ke gefensa, `Feather` fiksel 2, ka kwafo shi da `Ctrl+J` daga `Background`, ka ɗaga leyar zuwa saman leyar gyara, ka ja shi zuwa ramin. Da `Ctrl+T` ka rage shi ko ka ƙara da kashi 5 zuwa 8 cikin ɗari, ka karkata shi digiri 3 ko 4. Ka sa `Layer Mask` ka share gefensa har ya shige bayan buhun da ke gabansa. Kamar tela ne da ke sa faci a atamfa, sai zanen ya haɗu da zane kafin ɗinkin ya ɓace.

Ana iya juya shi hagu ya koma dama da `Flip Horizontal`, hakan yana ɓatar da kama sosai. Sai dai ka lura da abu biyu. Idan rana tana bugun buhunan daga hagu, juyawa zai mai da hasken dama, buhu ɗaya ya saɓa wa sauran. Idan kuma akwai rubutu a jikin buhun, zai fito a birkice. Inda haske ya bazu ko'ina, kamar cikin rumfa, juyawa ba ta da matsala.

Yanzu ka kashe shaidar tagwaye. Ka dubi asalin buhun da kwafinsa, ka nemi abin da ido zai riƙe: yagewa, ɗaurin igiya, baƙin tabo, albasa ɗaya da ta leƙo. Ka goge su daga kwafin da ƙaramin burushi, ko ka sauya musu wuri. Saƙar buhu iri ɗaya ba ta tona asiri, tabo iri ɗaya a wuri biyu shi ke tonawa.

Tarin tumatir ko tattasai ana gina shi ɗaya-ɗaya. Ka sa burushi daidai girman tumatir guda, tauri 70, ka ɗebo cikakken tumatir, ka ajiye, ka ɗebo wani daga wani kwandon. Ka fara daga na baya ka zo gaba, domin na gaba ya hau kan na baya yadda tari yake a zahiri. A `Window > Clone Source` akwai wurin juya abin da ka ɗiba da wurin canza girmansa, ka riƙa sauya su kaɗan-kaɗan. Rabin tumatir da ya narke cikin wani shi ne alamar gaggawa.

Abu na ƙarshe a nan, duk abin da ya zauna a ƙasa yana da siririyar inuwa mai duhu a gindinsa. Gindin kwandon da ka gina, idan babu ita, zai yi kamar yana shawagi. Ka kwafo ta daga gindin kwandon da ke kusa.

7. Share ɗinki da `Healing Brush`

Sai yanzu ne lokacinsa, ba da farko ba. Wannan burushi yana ɗauko saƙa daga inda ka ɗiba, amma launi da haske yana ɗaukarsu daga abin da ke kewaye da shafarka. Shi ya sa idan ka shafa shi kusa da farar riga, farin yake malalowa ciki kamar hayaƙi. Tunda rigar ta riga ta tafi, yanzu zai yi aikinsa lafiya.

Ka buɗe sabuwar leya a saman duk na gyara, ƙarƙashin mai hoton, `Sample` a `Current & Below`. Ka bi inda faci ya haɗu da asali da ƙaramin burushi, fiksel 20 zuwa 40. Ka tsaya nesa kaɗan da duk inda duhu ya haɗu da haske, kamar bakin kwano. Idan ka ga launi yana malala, ka sauke `Diffusion` zuwa 2 ko 3, ko ka koma `Clone Stamp` a wurin.

8. Mayar da tsakin hoto

Ka zuƙo hoton zuwa kashi 200. Hoton waya, musamman a inuwar rumfa, yana da ɗan tsaki-tsaki kamar yashi. Inda aka gyara yakan fi sauran santsi, kuma a babban bana wannan santsin yana fitowa fili. Ka haɗa leyoyin gyara su zama ɗaya da `Ctrl+E` bayan ka zaɓe su. Ka danna `Ctrl+Shift+N`, ka sa `Mode` a `Overlay`, ka sa alama a akwatin cikewa da toka kashi 50. Sai `Filter > Noise > Add Noise`, adadi 1 zuwa 3 cikin ɗari, `Gaussian`, `Monochromatic`. Ka danna `Ctrl+Alt+G` don tsakin ya tsaya a kan gyaran kaɗai. Ka rage `Opacity` na leyar har ka kasa gane iyaka. Idan tsakin ya fi na hoton kaifi, `Gaussian Blur` na 0.3 zuwa 0.5 zai daidaita shi.

9. Bincike

Idon da ya daɗe a kan hoto yana daina ganin aibinsa, don haka sai an yi masa dabara. Ka ɗora leyar `Curves` a can sama, ka ja layin ya yi tsaye sosai har hoton ya yi muni. Duk jirwayen da ya ɓuya zai fito, musamman zagayen inda kai da kafaɗun baƙon suke. Tunda leyar tana sama, `Current & Below` ba zai ɗebo ta ba, kana iya gyara tana kunne. Ka goge ta idan ka gama.

Sannan ka rage hoton ya koma girman allon waya. Maimaici ya fi bayyana daga nesa, jirwaye kuma daga kusa, shi ya sa ake duba duka biyun. Ka juya hoton da `Image > Image Rotation > Flip Canvas Horizontal`, ka dube shi kamar sabo, ka mayar. Ka kashe leyar gyara ka kunna sau da yawa, kana kallon gefen kafaɗar mai hoton, bai kamata komai nasa ya motsa ba. Idan da hali, ka nuna wa wanda bai ga asalin ba ka ce ya nuna inda aka taɓa.

10. Idan waya kaɗai gare ka

`Healing` na Snapseed kyauta ne, amma ba ya barinka ka zaɓi wurin ɗiba, shi yake zaɓa daga kewaye. Ya isa ga ƙaramin mutum da ke can nesa a kan ƙasa ko bango. Ka zuƙo sosai, domin zuƙowa ce ke rage girman burushin, ka ci jikin daga gefe zuwa ciki da ƙananan shafa, ka koma baya nan take idan ya jawo abin da ba shi ba. Idan baƙon ya taɓa jikin mai hoton ko ya tare kwanduna, ka kai aikin kan kwamfuta. Wani lokaci kuma yanke gefen hoton ya fi komai sauƙi, in baƙon a baki yake.

11. Ajiya

Ka ajiye `PSD` da leyoyinsa, saboda mai hoto yana iya dawowa ya ce a gyara wani wuri. Ka fitar da `JPG` sau ɗaya ta `File > Export > Export As` a inganci mafi girma, ba tare da rage faɗi ko tsayi ba. Duk lokacin da aka buɗe `JPG` aka sake ajiye shi, ingancinsa yana raguwa, don haka kowane sabon gyara daga `PSD` za a fara. Wajen tura wa mai buga bana, a tura a matsayin `Document`.

In aikin kuɗi ne, ka yi ciniki bayan ka ga hoton, kuma ka auna da yawan layuka da kayan da baƙon ya tare, ba da girman jikinsa ba. Babban mutum a gaban bangon siminti aikin 'yan mintuna ne. Yaro ƙarami a gaban kwandunan tumatir yana iya cin awa guda ko fiye.